Idan Mai Kallo Ya Ce Zuciyarsa Ta Fara Kokwanto

Laccar da aka gabatar a Kontagora ga matasa masu karantarwa ta waya

 

An nemi in yi magana kan karantar da addini ta waya, aikin da da yawa daga cikinku kun fi ni iya sarrafa kayansa. Fagen yana da faɗi, don haka abu ɗaya kawai zan ɗauka. Ranar da mai kallo ya rubuto maka cewa imaninsa ya fara rawa, kuma ka ga alamar da gaske yake, ba neman rigima ya kawo shi ba, me za ka faɗa a bidiyon da za ka mayar masa, kuma me za ka riƙe a bakinka?

Domin kada mu yi ta magana a sama, ga saƙon da za mu yi aiki a kansa. Ba na mutum ɗaya ba ne. Na harhaɗa shi ne daga irin abin da ake rubutowa, yadda ba zai nuna kowa ba:

"Malam, don Allah kada ka faɗi sunana. 'Yan bindiga sun ɗauke mahaifinmu a gona ta wajen Mariga. Mun yi saukar Alƙur'ani, an yi alƙunutu a masallacinmu, mahaifiyata ba ta barci sai sallah. Mun sayar da shanun noma da masarar da muka ajiye, muka kai kuɗin fansa. Bayan sun karɓa suka kashe shi. Tun daga ranar, in na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ji kamar ba mai ji na. Wani lokaci har raina ya ce anya akwai wanda ake roƙon? Malam, na kafirta ne?"

Babu wanda zai ji wannan a Kontagora ya ce ƙage ne. Kun tuna abin da ya faru a Tegina ranar 30 ga Mayu, 2021, lokacin da aka kwashe yaran Islamiyyar Salihu Tanko sama da ɗari, suka yi kusan wata uku a daji, wasu ba su dawo da rai ba. Yara ne masu zuwa karatun Alƙur'ani. Duk garin da irin wannan ya faɗa wa, akwai zukatan da suka yi tambayar nan cikin dare, ko da baki bai furta ba. Abin da waya ta sauya shi ne, yanzu yaron da ba zai taɓa iya ɗaga murya a zauren malam ba yana iya rubutowa daga ɗakinsa, ba wanda ya ga fuskarsa.

Matsalarmu ita ce hannunmu ya saba da raddi. Bidiyon da ya fi yawo a wayoyinmu shi ne wanda aka rubuta wa "martani mai zafi", ko "Malam ya kashe bakin wane". Wanda ya tashi yana kallon irin waɗannan, in ya zauna gaban kyamara, muryar da za ta fara zo masa ita ce ta mai kare gida daga ɓarawo. Raddi yana da wurinsa, ga wanda ya fito fili yana yaɗa ɓarna da gangan. Amma wannan yaron da kansa ya kawo kansa. A duk malaman da ke cikin wayarsa kai ya zaɓa, ya faɗa maka abin da bai faɗa wa mahaifiyarsa ba. In ka yi masa raddi, ba zai sake tambayar malami ba, kuma duk masu irin damuwarsa da suka kalla sun koyi cewa shiru ya fi musu. Tambayar ba za ta mutu ba. Za ta koma wani shafin ne, inda za a karɓe shi da fara'a a ce masa ai dama babu kowa a can.

Kafin ka taɓa kyamara, sai ka gane wane irin kokwanto ne a gabanka, domin ba iri ɗaya ba ne. Mai kemis ɗin da duk wanda ya ce kansa na ciwo zai miƙa masa magani ɗaya, wata rana sai ya kashe mai hawan jini.

Akwai waswasi. Shi ne mugun tunanin da ke faɗo wa mutum ba da sonsa ba, yana ƙinsa, yana jin tsoronsa. Alamarsa ita ce mai shi ba hujja yake nema ba, so yake a tabbatar masa bai halaka ba. Za ka ga ya turo tambaya ɗaya sau da yawa, ka amsa yau, gobe ya dawo da ita da ɗan sauyi. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wasu sahabbai sun zo wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, suna kukan cewa suna jin abin da ya fi ƙarfin su furta a zukatansu. Ya tambaye su ko da gaske sun ji hakan, suka amsa, sai ya shaida musu cewa wannan tsantsar imani ne. Malamai suka yi bayani cewa ƙin abin da jin girmansa shi ne imanin. Mai waswasi ba a tara masa hujjoji. Duk hujjar da ka ba shi, zuciyarsa za ta haifo mata sabuwar tambaya. Abin da aka koyar a hadisin Buhari da Muslim, kan mai tunanin wa ya halicci Allah, shi ne ya nemi tsari ya daina bin zaren.

Akwai kuma shubuha, wato tambayar ilimi ta gaske. Ɗalibin wata babbar makaranta da ke nan garin ya karanta wani abu a darasin kimiyyar halittu, ko ya ga bidiyon da ke cewa ayoyi biyu sun ci karo. Shi wannan in ka ce masa ya yi a'uziyya ya bar tunani, ka tabbatar masa da zarginsa cewa ba mu da amsa. Hujja yake so, kuma haƙƙinsa ne a ba shi, ko a nuna masa wanda ya sani.

Na ukun shi ne wanda aka fi kuskure a kansa: ciwo ne ya fito da kamannin tambaya. Mutum ya rasa wani, ko an zalunce shi, ko wani mai rawani ya ci amanarsa. Saƙon da na karanta muku daga nan yake. Ku lura da tsarinsa. Kusan dukkansa labarin uba ne da shanu da uwar da ba ta barci, maganar samuwar Allah jimla ɗaya ce tak, kuma ya jingina ta ga ransa, bai ce ra'ayinsa ba ne. Wanda ya bar addini ba ya tambayar malami ko ya kafirta. In ka buɗe masa darasin dalilan samuwar Ubangiji, da tsarin sama da ƙasa, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ba shi ya tambaya ba.

Sai batun rufin asiri, kuma a nan zan ɗan tsananta. A TikTok da Instagram akwai hanyar amsa sharhi da bidiyo. In ka bi ta, sharhin mutumin zai fito a kan allo tare da sunan da yake amfani da shi, duk wanda ya kalla zai gani. Wannan ya dace da mai tambayar farillan alwala. Ga mai kokwanto kuwa, kada ka kusance ta. Haka nan kada ka ɗauki hoton saƙon ka shafe sunan kawai, domin salon rubutun mutum da sunan ƙauyensu da adadin kuɗin fansa sun isa maƙwabci ya gane shi. Mu a masarautar nan ba ma buƙatar a ba mu labarin inda saƙon waya ke iya kai mutum. Ɗalibar da aka kashe a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ranar 12 ga Mayu, 2022, bayan wani saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, 'yar Tungan Magajiya ce ta ƙaramar hukumar Rijau. Lamarinta daban ne da na mai tambayarmu, amma taron da ya fusata ba ya tsayawa bambance mai zagi da mai neman a fahimtar da shi. Saboda haka ka fara amsa masa a ɓoye, ka nemi izninsa kafin ka yi maganar a fili, sannan ka sauya duk abin da zai nuna shi. Kada ka ce Mariga, ka ce wani ƙauye. In ya ce bai yarda ba, sai ka yi masa bidiyon shi kaɗai, ko ka kira shi.

Wani zai ce, to me ya sa ma za a fito da irin wannan magana fili, ba za mu jefa ta zuciyar wanda ba ta taɓa zo masa ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma tsohuwa ce. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo a littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal cewa Imam Ahmad bin Hambal ya yi wa Harisul Muhasibi inkarin rubuta raddi ga Mu'utazilawa. Dalilin Imam Ahmad shi ne Muhasibi yana fara kawo shubuharsu sannan ya warware, alhali wani zai karanta shubuhar ta kama shi, bai kai ga amsar ba, ko ya kai bai gane ta ba. Ghazali ya ce wannan gaskiya ne a kan shubuhar da ba ta yaɗu ba, amma wadda ta riga ta bazu dole a amsa ta, kuma ba a iya amsawa sai an faɗe ta. Ga ma'auninku nan. Tambayar addu'ar da ba a ga amsarta ba ta riga ta shiga kowane gida daga nan har Bangi, don haka a yi ta a fili. Wata shubuha kuwa da yaro ɗaya ya tsinto a wani lungu na intanet, a amsa masa shi kaɗai.

Tsoron Imam Ahmad ya fi ƙarfi a kan bidiyo fiye da littafi. Mutane da yawa ba sa kai ƙarshen bidiyo, kuma akwai masu yanka, waɗanda za su ɗauki rabin minti na maganarka su watsa. In ka ɓata minti guda kana zayyana kokwanton da zaƙin baki, amsar tana can minti na huɗu, to kokwanton ka yaɗa. Ka faɗi tambayar a jimla biyu, da gaskiya, ba tare da ka raunana ta don ta yi sauƙin bugewa ba, sannan amsa ta biyo nan take. Ka tsara maganarka yadda duk inda aka yanke ta, guntun ba zai cutar da kai ko shi ba.

Yanzu ga amsar kanta. Minti uku zuwa huɗu sun isa. Wanda ke sayen data ta kwana ɗaya ba zai zauna maka rabin awa ba, kuma mai baƙin ciki ba ya riƙe magana biyar.

Da ta'aziyya za ka fara, kamar yadda za ka yi in ka shiga zauren gidansu. "Ƙanena, na karanta saƙonka. Allah ya jiƙan Baba, ya karɓi shahadarsa, ya ba Mama da ku dangana. Abin da aka yi muku zalunci ne, kuma waɗanda suka yi za su tsaya gaban Allah a kansa." Wannan jimla ta ƙarshe kada ka tsallake ta. Mun saba gaggawar cewa ƙaddara ce, har wanda aka zalunta ya ji kamar an wanke azzalumin. Imani da ƙaddara bai taɓa sauke laifi daga kan mai kisa ba, bai kuma sauke nauyi daga kan hukumar da aka ɗora wa tsaron rayuka ba.

Daga nan sai tambayarsa ta ƙarshe, domin ita ta hana shi barci. Ita za ka fara amsawa, a cikin rabin mintin farko, da kalma bayyananniya. "Ka tambaya ko ka kafirta. A'a, ba ka kafirta ba. Tunanin da ke faɗo maka kana ƙinsa har ya sa ka rubuto mini, ba a kama ka da shi." Sai ka kawo masa labarin sahabban nan a taƙaice. Kada ka sa masa sharuɗɗa bakwai a wannan gaɓar. Akwai wurin tafsili a aji, amma in ka ce "ya danganta", shi "e" zai ji.

Sannan batun addu'a. A nan abu ɗaya nake so ka kafa, shi ne rashin ganin abin da aka roƙa ba shaida ba ce cewa ba a ji ba, ba kuma shaida ba ce cewa an ƙi mai roƙon. Hujjar da ta fi dacewa da shi tana cikin Sahihu Muslim, daga Sa'adu bin Abi Waƙƙas. Annabi ya yi sallah a masallacin Banu Mu'awiya, ya daɗe yana addu'a, sannan ya shaida wa sahabbai cewa ya roƙi abu uku, an ba shi biyu an hana shi ɗaya. An ba shi cewa ba za a halaka al'ummarsa gaba ɗaya da fari ba, ba kuma za a halaka ta da ambaliya ba. Wanda aka hana shi shi ne kada su riƙa yaƙar junansu. Ku duba yadda wannan ya hau kan halin yaron nan. Mafi soyuwar halitta ya roƙa, aka ce a'a, kuma abin da aka hana shi ɗin shi ne irin masifar da ta ci mahaifinsa.

In lokaci ya ba ka, ƙara masa Bi'iru Ma'una. A shekara ta 4 bayan hijira Annabi ya aika mahaddata saba'in su karantar, aka yaudare su aka kashe su a hanya. Anas ya ce bai taɓa ganin Annabi ya yi baƙin ciki irin na wannan karon ba, kuma ya yi wata guda yana alƙunutu a kan ƙabilun da suka yi kisan. Darasin da yaron zai ɗauka shi ne mutanen kirki, masu Alƙur'ani a ƙirji, an kashe su da zalunci Annabi yana raye, kuma baƙin cikinsa bai zama raunin imani ba. Bayan wannan ne, ba kafinsa ba, za ka iya kawo hadisin Abu Sa'id da ke Musnadin Ahmad, cewa addu'ar musulmi ko a gaggauta masa ita, ko a ajiye masa ita zuwa lahira, ko a kawar masa da wani sharri gwargwadonta. In da shi ka fara, zai ji kamar ana rufe masa baki. In ya zo bayan ya ga Annabi ma ya ɗanɗana, zai iya riƙe shi.

Akwai wurin da dole ka tsaya ka ce iyakar saninka ke nan. "Me ya sa Babanku, me ya sa bana, wannan ban sani ba, kuma duk wanda ya ce maka ya sani ya faɗi abin da ba a sanar da shi ba." Matasan malamai suna tsoron wannan jimla a gaban kyamara, suna ganin mabiya za su raina su. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki, kuma mazhabarsa muke bi a ƙasar nan har yau. Mai kokwanto yana da kunnen gane ƙarya. Da zarar ka ƙirƙiro masa hikimar da ba ka da tabbas a kanta, kamar ka ce wataƙila da ya rayu da wani abu mafi muni ya same shi, ya daina yarda da sauran maganarka.

Ka rufe da abu ƙarami da zai iya yi. Kada ka ɗora masa azumi da ƙiyamul laili. Ka ce masa ya riƙe salloli biyar ko da bai ji komai a zuciyarsa ba, in addu'a ta gagara ya faɗa wa Allah cewa ta gagara, kamar yadda Annabi Yaƙubu ya kai kukan baƙin cikinsa ga Allah a cikin Suratu Yusuf, aya ta 86. Sai ka bar masa ƙofa: "In ka ga dama ka sake rubuto mini, ko mu haɗu."

Abin da aka bari a waje ya kai abin da aka faɗa muhimmanci. Akwai hadisi ingantacce a Muslim kan matafiyin da ke ɗaga hannu yana roƙo alhali cinsa da shansa da tufarsa haram ne. Sau da yawa shi ke fara zuwa bakin mai wa'azi in an ce addu'a ba ta karɓu ba. Hadisin gaskiya ne, amma in ka karanta wa wannan yaron, ka ce masa ke nan cin haram ɗinsu ya kashe ubansu. Haka nan cewa masifa sakamakon zunubanmu ce. A huɗubar Juma'a, inda ake kiran al'umma ta tuba, tana da gurbi. A fuskar maraya kuwa tuhuma ce. Kada ka ce masa ya ji tsoron Allah, ai tsoron ne ya kawo shi. Kuma kada ka nemi ƙarfafa shi ta hanyar taɓa addinin wasu. Garin nan muna zaune da Kiristoci, har Katolika suna da bishop a nan, 'yan bindiga ba su ware su ba, kuma irin wannan tambayar tana isa ga limamansu kamar yadda take iso mana.

Game da fuska da murya, ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Umaru Nagwamatse da ya kafa garin nan ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Muhammadu Bello ya siffanta majalisin mahaifinsa Shehu a Infaƙul Maisur. Ya ce Shehu kan ɗan tsaya kafin ya fito ga jama'a, da aka tambaye shi sai ya ce niyya yake sabuntawa. Yana fitowa da sakin fuska, ba ya gajiya da mutane, kuma in an yi masa tambaya yana tsakiyar magana yakan tsaya ya amsa. Wani abin da ya kamata ku sani kuma, a zamaninsa akwai ɗaliban ilmul kalam da ke titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi, duk wanda ya kasa kawo dalilai yadda suke a littafi su ce kafiri ne. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana rushe wannan ra'ayi, yana kare imanin gama-garin musulmi. Saboda haka mai saurin kafirta yaron da ya rubuto cikin kuka, ba tafarkin Shehu ya bi ba, ko da a ƙofar fadar Sarkin Sudan yake zaune.

A aikace, ka zauna, kada ka tsaya kamar mai huɗuba. Ka ɗora wayar daidai idonka, domin in tana ƙasa kana leƙa ta, mai kallo zai ji ana kallonsa daga sama. Ka kalli kyamarar kamar mutum ɗaya ne a gabanka, ka yi magana da "kai", ka bar "jama'a". Ka nemi wurin da ƙarar janareta da babura ba za su sa ka ɗaga murya ba, domin murya in ta ɗagu sai ta yi kama da faɗa ko ba ka nufa ba. Kada ka sa sautin ban tausayi a ƙarƙashi, kada ka matso hawaye. Rubutun da za ka ɗora a kan bidiyon ma amsa ce. "Ga wanda ya roƙa bai ga amsa ba" ya isa. In ka rubuta "Matashi ya ce babu Allah", za ka samu masu kallo ninkin ba ninkin, amma ka sayar da shi, kuma ka yi masa ƙarya. Kafin ka saki, ka ba wani dattijo ko wata uwa da ta taɓa rashi ta kalla, ka tambaye ta inda ya yi mata zafi.

Aiki bai ƙare da sakin bidiyo ba. Shi yaron zai karanta sharhin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya fi kowa karantawa. In ka yi magana mai laushi, sannan mutum hamsin suka rubuta a ƙasa cewa wannan ya yi ridda a nemo shi, to su ya ji. Ko dai ka zauna kan sharhin a awannin farko kana goge na zagi, ka kafe naka a sama kana roƙon a yi masa addu'a, ko ka rufe sharhin gaba ɗaya. In ba ka da lokacin tsaron, rufewar ta fi.

Ta yaya za ka gane ko amsar ta yi aiki? Yawan masu kallo ba zai gaya maka ba, haka ma masu rubuta "Malam ka gama magana", domin su dama ba su da tambayar. Ka duba saƙonnin sirri. In wasu suka fara rubutowa suna cewa su ma abin yana damunsu, ba su taɓa faɗa ba, to muryarka ta yi daidai. In shi mai tambayar ya dawo, ko da da wata tambayar ce mai zafi, alama ce mai kyau. In ya yi shiru, ya goge shafinsa, ka bincika ko wani abu a bidiyon ya tona shi. Kuma kada ka sa ran zai rubuto washegari ya ce ya warke. Ghazali da kansa ya faɗa a littafin da na ambata cewa ya yi kusan wata biyu cikin kokwanton da ya kai shi ga shakkar abin da idonsa ke gani da abin da hankalinsa ke yankewa, kuma ya ce fitarsa ba ta hanyar jera hujjoji ta zo ba, haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. In mai Ihya'u ya ɗauki wata biyu, maraya ɗan shekara ashirin ba zai gama a minti huɗu ba.

Akwai inda bidiyo ba ya kaiwa sam. In saƙon ya ƙunshi cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ya bi mahaifinsa, ko ya daina ci da barci na makonni, ajiye kyamara ka kira shi a ranar, ka nemi wani nasa da ya yarda da shi, a kai shi ga likita. Haka mai waswasin da ke maimaita alwala har lokacin sallah ya fita, ko yake sabunta kalmar shahada dare da rana. Wannan ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, suna kuma maganinsa. A fara da babban asibitin garin nan, in abin ya fi ƙarfinsu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti ba.

In kuma shubuha ce ta ilimi da ta fi ƙarfin karatunka, kada ka yi kame-kame a gaban dubban mutane, domin amsa mai rauni ta fi shiru ɓarna. A jihar nan muna da inda aka daɗe ana wannan aiki. Marigayi Sheikh Ahmed Lemu, wanda ya rasu a 2020, yana cikin waɗanda suka kafa Islamic Education Trust a 1969, kuma sashenta na da'awa da ke Minna ya shafe shekaru yana horar da matasa kan amsa tambayoyi masu wuya game da Musulunci cikin natsuwa. Ku nemi littattafansu, wanda ya samu hali ya je horon. Kafin nan, kowannenku ya samu malami ɗaya a garin nan da zai riƙa kai wa irin waɗannan saƙonni kafin ya kunna kyamara, bayan ya cire sunan mai su.

Na ga an fara miƙo takardun tambaya. Wanda bai so a san shi ba kada ya rubuta suna, kuma mai karantowa ya tsallake sunan gari in an sa. Bismillah, a kawo ta farko.